Sa Ido, Ba Haƙuri Kaɗai Ba, Ke Riƙe Haɗin Baki a Kan Farashi

A ɗauka kamfanoni biyu sun haɗa baki sun tsauwala farashi, suna raba ribar miliyan 100 daidai kowane wata. Sharaɗinsu guda ne: wanda ya karya farashi sau ɗaya, ɗayan zai sayar a kan uwar kuɗi har abada, kowa ya rasa.

Mai saɓa alkawari zai kwashe kusan 100 a wata guda, sannan babu. Mai cikawa zai riƙa samun 50 kowane wata. Idan δ ita ce darajar nairar watan gobe a idon ɗan kasuwa yau, amana za ta ɗore muddin 50/(1−δ) ≥ 100, wato δ ≥ 1/2.

A ganina an cika jingina ga wannan rabin, alhali ya dogara ne ga a gano ha'incin nan take. In sai bayan wata biyu asiri zai tonu, sharaɗin ya koma δ² ≥ 1/2, kimanin 0.71, haɗin bakin ya ƙara wuya.

Don haka ba na goyon bayan hukuma ta riƙa wallafa farashin kowane kamfani a kasuwar da masu sayarwa ba su da yawa. Denmark ta gwada hakan da kwaɓaɓɓen kankare a 1993, sai farashi ya tashi da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari kafin shekara ta zagayo.