Kada a jira ƙarshen wata

Ina mamakin mai rubuta manhaja da zai tsara aikin fitar da albashi ya tashi sha biyun dare ranar ɗaya ga wata, sannan ya naɗe hannu yana jiran ranar ta nuna masa ko ya yi daidai. Agogon ake juyawa. A Python, `freeze_time("2024-02-29 23:00:00")` na `freezegun` zai sa manhajar ta ɗauka wannan lokacin ne yanzu. Da gangan na zaɓi wannan sa'a: Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya, don haka a Kano Maris ya kama, alhali sabar da ke bin UTC tana cikin Fabrairu. Idan sabar ce manhajar take tambaya wata, albashin Fabrairu za ta sake lissafawa, kuma nan take gwajin zai tona wannan. Sai dai a kula, rumbun bayanai yana da nasa agogon: `NOW()` na cikin SQL lokacin gaskiya zai ci gaba da bayarwa. Shi ya sa nake ganin manhaja ta riƙa karɓar lokaci daga wuri guda tak. Ku gwada wannan daren tun kafin albashin mutane ya shiga ciki.