Maki Saba'in da Biyar ba Kyautar Sallah ba Ne

Da yawanmu a zauren nan muna koyarwa a makarantun Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, wasu kuma ana ba su alƙalancin 'yan gasannin da muke shiryawa. Shi ya sa nake son mu duba yadda muke raba maki. A ganina hannunmu ya yi sake da yawa, kuma waɗanda muke jin tausayin su ne muke cuta.

Maki ba ya tsayuwa shi kaɗai, sai an jingina shi da aji. Idan an ce rubutu ya ci saba'in, tambayar farko ita ce: saba'in a wane mataki? A ma'aunin WAEC da aka saba da shi, 75 zuwa sama shi ne A1, 50 zuwa 54 kuma C6, wato mafi ƙarancin kiredit. Ke nan hamsin ba zagi ba ne. Ma'anarsa ɗalibi ya kawo abin da ake nema daga ɗan ajinsa, bai ƙara komai a kai ba.

Mu ƙaddara ɗan aji shida na sakandare aka ce ya yi insha'i a kan kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Mu ari rabon da aka sani na insha'in Turanci a WAEC: maki hamsin, goma na jigo, goma na tsari, ashirin na sarrafa harshe, goma na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Yaron ya ambaci kara da raƙuma da fataken Nijar, amma bai nuna mana ciniki ko guda ba, ba dillali, ba la'ada. Jigo shida. Sakin layinsa biyu ne dogaye, ya faro da shanu ya faɗa hatsi ya dawo shanu. Tsari biyar. Hausarsa ana fahimta, sai dai kowace jimla da “sannan kuma” take farawa. Goma sha ɗaya. Sai ƙa'idoji: ya rubuta “yazo” a haɗe, ya bar ƙ da ɗ ba lanƙwasa har “ƙasa” ta koma “kasa”, kurakurai goma sha huɗu cif. Bakwai sun tafi, saura uku. Jimilla 25 cikin 50, wato C6.

To wannan takardar ce malami mai kirki zai karanta, ya ga yaro ya cika shafi biyu, rubutun hannunsa kuma tsaf, ya zabga masa 38. Kashi 76 ke nan, A1. Tsakanin makin gaskiya da na kirki akwai daraja biyar, yaron kuma bai san da saura a gabansa ba sai ranar da baƙon da bai san sunan mahaifinsa ba ya riƙe jan biro.

Abin lura, da ɗan aji ɗaya ne ya kawo wannan insha'in, saba'in ma ba ta yi masa yawa ba, domin a matakinsa cika shafi biyu da magana mai ma'ana nasara ce. Da kuwa ɗalibin Hausa ne a Kwalejin Ilimi ta Gumel, wanda gobe shi zai koyar da rabin kalma, kurakuran nan goma sha huɗu sun isa su kayar da shi.

Gane hauhawar maki ba wuya. Duba takardar sakamako: in yara arba'in duk sun cunkushe tsakanin 70 da 80, ma'aunin ya daina rarrabewa. Haka in makin gwajin aji yana sama, na jarrabawar waje yana ƙasa, shekara da shekara.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne abin da masu makin WAEC suke yi kafin su fara aiki: su zauna su yi wa kwafin takarda guda maki, kowa da nasa, sannan su daidaita. Mu ma kafin a taɓa tulin, a zaro takardu uku, mai ƙarfi da matsakaiciya da mai rauni, a yi musu a kansu har a amince wace ce hamsin. A ajiye ta a gefe. Bayan kowace takarda ashirin a koma a sake karanta ta, don hannu yakan saki idan dare ya yi, musamman in ka fito daga takardu marasa kyau guda biyar a jere, ta shida sai ta zame maka kamar gwal.

Wani zai ce ai muna da malaman da ke alfahari ba wanda ya taɓa cin A a hannunsu. Su ma ma'aunin suka karya, ta ɗaya gefen. In aji duka ya kai abin da ake nema, a ba su duka, ba a ƙayyade wa A1 gurbi ba. Wanda kuma ya yi ƙoƙari bai kai ba, a rubuta masa yabon a gefen takarda da jan biro, a nuna masa “ya zo” kalma biyu ce, makin kuma a bar shi 25.