Koren Alama Ba Shaidar Ingancin Rubutu Ba Ce



Duk wanda a cikinmu ya karɓi aikin fassara ko rubutun littafin jagora daga masu haɗa manhaja, zai tarar sau da yawa ba a takarda ake duba aikin ba, a GitHub ake dubawa. Ka rubuta naka, ka miƙa shi a matsayin abin da shafin ke kira pull request, wato buƙatar a shigar da rubutunka cikin babban kundi. Masu dubawa su karanta, kowa ya bar hukuncinsa. A ƙarshen mako na'ura ta tattara rahoto, shugaban aiki ya leƙa, ya yanke shawarar wane ne ya iya, wane ne bai iya ba, wane za a biya, wane zai jira. A nan rigimarmu take. Muna cewa rahoton da ke ƙirga alamomi kamar ƙuri'u yana yaudarar mai karanta shi, kuma marubucin da bai san yadda ake karanta alamomin nan ba, da hannunsa yake miƙa wuyansa.

Mai dubawa yana da zaɓi uku idan ya gama karatu, kuma a rahoto suna fitowa da sunaye uku. APPROVED na nufin ya amince a shigar da rubutun. CHANGES_REQUESTED na nufin ya ce a dakata sai an gyara. COMMENTED na nufin ya yi magana amma bai yanke hukunci ba, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Akwai wasu biyu da ba a cika kula da su ba. PENDING shi ne dubawar da mutum ya fara bai miƙa ba, ba mai ganinta sai shi kaɗai. DISMISSED kuwa hukunci ne da aka soke, ko dai wani mai iko ya soke shi da hannu ya rubuta dalili, ko kuma tsarin ya soke shi da kansa.

Abin da yawancin rahotanni ke mantawa shi ne, GitHub ba ya goge tsohuwar dubawa idan sabuwa ta zo. Jera su yake yi bi da bi, kamar littafin rajista. Mutum ɗaya zai iya bayyana sau biyar. Don haka jerin nan tarihi ne, ba hukunci ba ne, kuma wanda ya tara lambobinsa ya kira jimlar sakamako ya yi lissafin banza.

Mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce wata 'yar uwarmu ta fassara babi uku na littafin jagora zuwa Hausa, buƙatarta ta samu lamba 42. Ranar Litinin mai duba ƙa'idar rubutu ya karanta, ya ga an bar haruffa masu lanƙwasa, an rubuta "baki" inda ake nufin "baƙi", an rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa". Ya danna neman gyara. Marubuciyar ta amsa masa a ƙarƙashin layin da ya yi wa alama cewa ta gani, za ta gyara. Ranar Talata ta turo gyaran, edita ya karanta ya amince. Wani abokin aikinta da ba shi da ikon rubutu a kundin, shi ma ya shigo ya amince don ya ƙarfafa mata gwiwa. Ranar Laraba mai duba ƙa'ida ya dawo ya rubuta cewa ya ga gyaran, amma sauran shafi biyu, ya miƙa wannan a matsayin sharhi kawai. Ranar Alhamis marubuciyar ta turo sabon zubi, ta ƙara babi na huɗu, sannan ta sake amsa masa a ƙarƙashin layin.

Yanzu a rajista akwai layi shida: neman gyara ɗaya, amincewa biyu, sharhi uku. Biyu daga cikin sharhin nan uku na marubuciyar ce da kanta, domin amsar da mutum ya bayar a ƙarƙashin layin rubutu tana shiga jerin a matsayin COMMENTED, ko da shi ne mai aikin. GitHub ba ya barin mutum ya amince da aikin kansa, amma yana barinsa ya yi sharhi.

Ga yadda rahoto iri uku za su karanta wannan rajistar. Na farko mai ƙirga ne, zai ce amincewa biyu, ƙi ɗaya, masu rinjaye sun yarda. Na biyu layin ƙarshe kawai yake ɗauka, zai ce matsayin aikin sharhi ne, alhali wannan sharhin na mai aikin ne, ba na mai dubawa ba. Na uku ya fi su wayo, kuma ya fi su haɗari. Yana ɗaukar maganar ƙarshe ta kowane mutum, sai ya ga maganar ƙarshe ta mai duba ƙa'ida sharhi ce, ya share neman gyaransa, ya rubuta amincewa biyu, ba mai ƙi. Duk ukun sun ɓata.

Gaskiyar lamarin ita ce, neman gyaran ranar Litinin yana nan daram. Sharhi ba ya janye hukunci. Wanda ya nemi gyara, neman nasa ba ya sauka sai shi da kansa ya dawo ya amince, ko wani mai iko ya soke shi. Amincewar edita ba ta goge shi, danna alamar an warware magana a ƙarƙashin kowane layi ma ba ya goge shi. Amincewar abokin aiki kuwa tana nan a jerin, amma ba ta shiga lissafin amincewar da ake buƙata, tunda ba shi da ikon rubutu a kundin. Saura ta edita, ita kuma ta ranar Talata ce. Babi na huɗu ranar Alhamis ya shigo. Ba wanda ya karanta shi. Aikin da rahoto ya yi wa koren fenti, a zahiri akwai mutum ɗaya da ya tsayar da shi, kuma babu ko mutum ɗaya da ya amince da shi a yadda yake a yau.

Wannan magana ta amincewar da ta kwana tana da magani, amma sai an nema. A cikin ƙa'idojin kare reshen kundi akwai zaɓin da ke soke tsohuwar amincewa da zarar an turo sabon zubi. Inda aka kunna shi, amincewar edita za ta koma DISMISSED ranar Alhamis. Inda ba a kunna ba, za ta zauna kore shar har a haɗe aikin. Ka ga ke nan kalma ɗaya tana da nauyi biyu, gwargwadon kundin da take ciki. Haka shi ma neman gyara: yana kulle ƙofa ne kawai idan kundin ya wajabta dubawa kafin haɗewa, kuma mai neman yana da ikon rubutu. In ba haka ba, sanarwa ce, ana iya haɗe aikin a kanta. Rahoton da bai faɗa mana a wane irin kundi yake magana ba, rabin labari ya kawo.

Za a ce mana ai rahoto taƙaitawa ne, shugaban da ke kula da buƙatu hamsin ba zai buɗe kowace ya karanta ba. Mun yarda. Ba taƙaitawa muke ƙi ba, taƙaitawar da ta juya ma'ana muke ƙi. Hanyar da ta dace ba ta fi ta ƙirga wahala ba. A cire layukan mai aikin. A ware sharhi gefe, a ƙirga shi a matsayin tattaunawa. Ga kowane mai dubawa a ɗauki hukuncinsa na ƙarshe, amincewa ko neman gyara, muddin ba a soke shi ba. Sannan a duba ko amincewar tana kan zubin ƙarshe. Kowace dubawa tana ɗauke da lambar zubin da aka yi ta a kansa, kuma wannan umarni zai jero suna, matsayi da lambar:

```
gh api repos/OWNER/REPO/pulls/42/reviews --paginate \
  --jq '.[] | [.user.login, .state, .commit_id[0:7]] | @tsv'
```

A lura da `--paginate` ɗin nan. In babu shi, layi 30 na farko kawai za su zo, kuma tunda jerin daga mafi tsufa yake farawa, a aikin da aka daɗe ana ja-in-ja a kansa hukuncin ƙarshe ne zai faɗi a hanya. Rahoto ya ci gaba da nuna neman gyaran da aka janye tun makon jiya.

Wannan ya kawo mu ɗaya ɓangaren zaluncin, wanda ya fi taɓa aljihunmu. Tunda neman gyara ba ya sauka sai mai shi ya dawo, marubuci zai iya gyara komai cikin awa ɗaya, ya sake neman a duba, mai dubawa ya yi tafiyarsa mako biyu. Duk tsawon lokacin nan rahoto yana nuna ja a gaban sunan marubuci, kamar shi ne ya yi sakaci. Abin da zai raba gardama ba wuya: a gwada ranar neman gyaran da ranar zubin ƙarshe. In zubin ya biyo bayan neman gyaran, a fara tambayar mai dubawa kafin a tuhumi marubuci.

Haka kuma ba mu yarda a riƙa auna gwanintar marubuci da yawan neman gyaran da ya samu ba. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda aka nemi ya gyara, an karanta shi ne layi-layi. Da zarar aka mayar da jan alama abin kunya, masu dubawa za su fara jin nauyin danna ta, su koma ɓoye manyan kurakurai cikin sharhi don kada su ɓata wa ɗan uwa suna. Daga nan rahoto ya yi kyau, rubutu ya lalace, littafi ya fita yana cewa a karɓi baki hannu bibbiyu.

Mu ma da namu nauyin idan dubawa ta faɗo hannunmu. In kuskuren ya isa ya hana bugawa, mu danna neman gyara, kada mu lallaɓa shi cikin sharhi. In mun gamsu bayan gyara, mu koma mu danna amincewa, domin rubuta "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira" ba ya cire jan da muka sa wa mutum. In kuma mun amince sai muka ga an ƙara babi, mu sake karantawa. Duk ranar da aka turo mana rahoto aka ce aikinmu ya wuce ko ya tsaya, muna da haƙƙin tambayar wane ne ya faɗa, da wane iko, kuma a kan wane zubi.

Allah ya sa mu dace. Sai mun ji daga gare ku.