Kwangilar katun: A rubuta gyara, biya da mallaka kafin a fara zane

Ofisoshin gwamnati da na 'yan majalisa sun gano amfanin gajeren katun wajen wayar da kan jama'a, domin yana yawo a wayoyi, kuma yana isa ga wanda bai iya karatu ba. Masu haɗa shi galibi matasa ne masu zaman kansu, da yawansu ba a Abuja suke ba. Wanda ke zaune a Agyaragu, a kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi, ba nesa da Jami'ar Tarayya ta Lafiya ba, zai iya karɓar aiki daga babban birnin tarayya ya gama shi ba tare da ya taka ƙafarsa a ofishin da ya ba shi ba. Sai dai irin wannan ciniki yawanci a baki ake ƙulla shi, ko da saƙon waya ɗaya ko biyu, alhali abubuwa uku da ke jawo rigima suna nan ba a taɓa su ba: sau nawa za a yi gyara, yaushe za a biya, kuma wa ya mallaki aikin bayan an gama.

Matsayin wannan jarida shi ne, alhakin rubuta waɗannan sharuɗɗa ya fi rataya a wuyan jami'i ko hadimin da ya ba da aikin, domin shi ne mai ƙarfi a cinikin, kuma ofishinsa ne zai kunyata idan magana ta lalace.

A ɗauki misali. Hadimin wani ɗan majalisa ya nemi mai zane a Agyaragu, garin da aka sani da cinikin doya, ya haɗa katun na daƙiƙa 90 da zai koya wa manoma yadda za su adana doya ba ta ruɓe ba. A ce sun daidaita a kan naira 600,000. Abin da hadimin zai iya mantawa shi ne yawan aikin da ke cikin minti ɗaya da rabi. A ma'aunin fim na hoto 24 a kowace daƙiƙa, wannan katun hotuna 2,160 ne. Ko da mai zanen ya bar kowane zane ya tsaya tsawon hoto biyu, kamar yadda aka saba a zanen hannu, zai iya fuskantar zane har 1,080. Shi ya sa ba a yin aikin a dunƙule. Ana fara rubuta labarin, sannan a zana taurarin katun ɗin da jerin fitowa-fitowa a tsaye, sannan a ɗora murya a kan waɗannan zane-zane a ga ko lokaci ya yi daidai, sai daga ƙarshe a sa su motsi, a yi launi, a haɗa sauti.

Kowane mataki a kan wanda ya gabace shi yake zaune, kuma a nan ne tsadar gyara take. Idan aka ce a sauya hular manomi tun ana zanen farko, aikin ɗan lokaci ne. Idan aka bari sai an gama motsi sannan maigida ya gani ya ce hular ba ta yankinsa ba ce, to duk fitowar da manomin ya bayyana sai an koma mata. Haka nan idan aka sauya jimla guda a muryar, motsin baki da tsawon fitowar duka sun rushe. Saboda haka bai isa yarjejeniya ta ce "gyara sau biyu" kawai ba. Ya kamata ta ce gyara sau biyu a kowane mataki, ta bayyana cewa gyara ɗaya na nufin jerin ƙorafe-ƙorafe da aka tattara aka aika lokaci guda a rubuce, kuma duk matakin da aka amince da shi an rufe shi. Wanda ya so a buɗe rufaffen mataki, sabon aiki ya kawo, sai a yi masa sabon farashi.

Akwai kuma ciwon da ma'aikatan gwamnati suka sani sarai: yawan masu faɗa a ji. Hadimi ya amince, darakta ya soke, maigida ya dawo daga tafiya da nasa ra'ayin. Maganinsa a ambaci sunan mutum ɗaya a takardar wanda amincewarsa ce kawai abin dogaro, a kuma sa wa'adi, misali kwanakin aiki bakwai, wanda idan ya wuce ba a ce komai ba, an ɗauka an amince. A wuri kamar Agyaragu, inda ban da Hausa ake jin Migili da wasu harsunan yankin, dole a faɗi tun farko harshe nawa kuɗin ya ƙunsa. Mayar da katun zuwa wani harshe ba gyara ba ne, domin sai an ɗauki sabuwar murya an sake daidaita lokaci.

Biyan kuɗi shi ma matakan aikin ya kamata ya bi, ba kwanan wata ba, ba kuma ranar da ofis ya ga dama ba. A misalin nan, za a iya ba da naira 180,000 kafin alƙalami, wata 180,000 idan an amince da zanen fitowa-fitowa da muryar gwaji, wata 180,000 idan an nuna cikakken katun ɗauke da tambarin mai zane a kansa, sai ragowar 60,000 a ranar miƙa tsaftataccen kwafi. Da wannan tsari babu ɓangaren da zai yi nisa a cikin hasara. Idan aka fasa aikin a tsakiya, abin da aka biya na matakan da aka kammala ya zauna, kuma a biya wani kaso da aka rubuta na matakin da ake ciki. A kuma fayyace ko farashin kafin cire haraji ne ko bayansa, don kada mai zane ya ga kuɗinsa sun zo da giɓi ya ɗauka an zalunce shi.

Idan kuwa ma'aikata ko hukumar tarayya ce ta ba da aikin da kuɗin baitulmali, Dokar Sayen Kayayyaki da Ba da Kwangila ta 2007 ta shigo. Sashe na 35 ya taƙaita kuɗin fara aiki, wanda da farko kashi 15 cikin ɗari ne, kafin Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida, kuma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Matashi mai kwamfuta ɗaya da wuya ya samu irin wannan lamuni. Hanyar adalci ita ce a yanka aikin gunduwa-gunduwa, a biya kowace gunduwa da zarar an karɓe ta an tabbatar. Sashe na 37 kuma ya ɗauki duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardar neman biya da tabbatar da aikin a matsayin jinkiri, wanda ke jawo ƙarin kuɗi bisa adadin da aka rubuta a kwangilar. Idan ba a rubuta adadin ba, an bar mai zane da haƙƙin da zai sha wahalar karɓa.

Batun mallaka ya fi sauran sarƙaƙiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke zaton wanda ya biya shi ya mallaka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ba haka ta ce ba. A sashe na 28, haƙƙin yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Amma idan an yi aikin a ƙarƙashin umarni ko kulawar gwamnati, ma'aikata ko hukumarta, haƙƙin na gwamnatin ne, sai in an rubuta wani abu daban. Sashe na 30 kuma ya ce sallama haƙƙi ga wani, ko ba shi izinin amfani shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce.

A duba inda misalin Agyaragu ya faɗa. Shin ɗan majalisar da ya biya daga aljihunsa gwamnati ne? Idan wata hukuma ce ta biya ta hannun ɗan kwangila, wa ya ba da umarnin? Ga kuma wani ƙulli: a wajen fim, doka tana ɗaukar wanda ya shirya yin sa a matsayin mai shi, sai in ɓangarorin sun rubuta wani tsari, alhali zanen taurarin aikin fasaha ne mai zaman kansa, na wanda ya zana. Ke nan ofis zai iya iƙirarin bidiyon, mai zane ya riƙe manomin da ke cikinsa. Ranar da aka so buga hoton manomin a allon talla, ko a ba wani ya ci gaba da kashi na biyu a farashi mai rahusa, ranar rigima za ta tashi. Taurarin katun dukiya ce. Shirin yara na Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya ƙirƙira a Abuja, da taurarinsa biyu aka san shi har a ƙasashen waje.

Don haka takardar ta rarrabe abu uku. Na farko bidiyon da aka gama, kamar fayil ɗin MP4, da girmansa da inda za a nuna shi: waya, talabijin ko majigin taro. Na biyu fayilolin aiki, irin su .blend na Blender ko .aep na After Effects, waɗanda da su ne ake iya buɗe katun a sauya shi. Waɗannan a al'adar sana'ar ba sa bin bidiyo kai-tsaye, kuma mai son su ya biya su daban. Na uku haƙƙin taurari da labari. Ofishin da ke shirin jerin katun na shekaru yana da hujjar sayen duka ukun, amma ya biya kuɗinsu. Wanda ke son saƙo guda na kaka ɗaya, izinin amfani ya ishe shi, kuma ya fi araha. A rubuta cewa mallaka ba ta komawa ga mai saye sai kuɗin ƙarshe sun shiga, a bar wa mai zane damar nuna aikin a matsayin samfurin gwanintarsa, a kuma sa sunansa a ƙarshe, domin doka ta ba shi haƙƙin a danganta masa aikinsa. Shi ma ya tabbatar a rubuce cewa kiɗa da muryoyin da ya sa yana da izininsu, don kada a sauke bidiyon ofis daga intanet saboda waƙar wani.

Duk wannan bai wuce shafi biyu ba. Ya kamata sassan shari'a da na ba da kwangila a ma'aikatu su tanadi irin wannan takarda guda da kowane jami'in yaɗa labarai zai riƙa cikewa, Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya kuma ta fitar da samfurinta da Hausa, yadda mai zane a Agyaragu zai karanta ya fahimta kafin ya sa hannu. Hadimin da ya tura kuɗin kafin alƙalami ba tare da ita ba, ya sani cewa abin da ya saya wa maigidansa bai tabbata ba.