Dalar da ta sauka a Kantin Kwari ba ita ce ta bar Guangzhou ba

Akwai wani lissafi da ya yi katutu a kasuwanninmu, wanda ya kamata a daina kiransa lissafi. Ɗan kasuwa zai sayi kaya a Guangzhou ko Yiwu, ya ɗauki kuɗin da ya biya kamfani, ya ninka da canjin dala na ranar, ya ɗora kashi 30 cikin ɗari a kai, ya ce ya fitar da farashi da riba. Kuɗin jirgi da na kwastam da na mota duk ya ba su suna ɗaya, wato ɗawainiya, ya bar su a gefe da fatan ribar za ta shanye su. Sau da yawa su ne ke shanye ribar, har su taɓa uwar kuɗi, mai kaya kuma yana zaune a shago yana murnar ciniki.

Mu bi kwantena ɗaya mai ƙafa 40 daga Sin zuwa Kano ta tashar Apapa. Alƙaluman dala da na hidimomi misali ne kawai, domin suna sauyawa da lokaci, amma tsarin da ake bi wajen lissafin shi ne na zahiri. A ce kayan ciki na dala 40,000 ne, canji kuma naira 1,500. Kayan sun tashi naira miliyan 60. A ce jirgin ruwa da inshora sun ci dala 5,000, wato miliyan 7.5. Kafin kwantenar ta taɓa ƙasar Najeriya an kai miliyan 67.5.

A nan ne kuskuren farko yake ɓoye. Kwastam ba a kan kuɗin kaya tsuransa take yanka haraji ba. Tana haɗa kuɗin kaya da na jirgi da na inshora, jimlar da ake rubutawa CIF a takardu, sannan ta yanka. Saboda haka duk ƙarin da kamfanin jirgi ya yi, sau biyu ake biyansa: a biya kamfanin, a kuma biya haraji a kan ƙarin. Matakan harajin bai-ɗaya na ƙasashen ECOWAS biyar ne, daga sifili zuwa kashi 5, 10, 20 da 35, kuma yawancin kayan da aka gama sarrafawa don amfanin jama'a a kashi 20 suke faɗawa. Kashi 20 na miliyan 67.5 shi ne miliyan 13.5. A kan wannan harajin kuma an daɗe ana ɗora ƙarin kashi 7 cikin ɗari, sai rabin kashi ɗaya na ECOWAS, sai wani caji a kan kuɗin kaya wanda aka daɗe ana karɓar kashi 1, kafin a shiga ja-in-ja a 2025 kan mayar da shi kashi 4. Da tsohon ƙa'idar, ƙananan nan uku sun kusa miliyan 1.9. Daga ƙarshe harajin VAT na kashi 7.5 ya hau kan komai da komai, har da harajin da aka riga aka yanka, ya ɗauki kimanin miliyan 6.2. Abin da ya shiga aljihun gwamnati ya kai miliyan 21.6, fiye da sulusin kuɗin kayan, alhali mai kaya kashi 20 yake riƙe da shi a ka.

Sauran ba su da wuyar fahimta. Kamfanin jirgi yana da cajinsa na cikin gida, masu tashar suna da nasu, ejan yana da ladansa, tirela za ta ci tafiyar kilomita kusan dubu zuwa Kano, 'yan dako su sauke a sito. A ce duka sun tashi miliyan 7.9. Jimla miliyan 97. Idan aka raba da 40,000, kowace dala ta kayan nan ta iso ƙofar shago a kan naira 2,425. Wanda ya ɗora kashi 30 a kan 1,500 yana sayar da ita 1,950, yana tafka asarar naira 475 a kowace dala, miliyan 19 a kwantena guda. Kuma ba zai gani ba sai ranar da ya tattara cinikin zai koma Sin, ya tarar kuɗin ba su cika kwantena ba. A lokacin sai a ɗora laifin a kan yaron shago ko a kan dala.

Wannan kuma idan komai ya tafi daidai ne. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, bayan sun ƙare kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum, masu tashar su ma suna ƙirga nasu kuɗin ajiya daban. Takardar PAAR da ta makara, ko bayanin kaya da bai dace da abin da ke Form M ba, ya isa ya sa agogon biyu su yi ta gudu tare. Wannan ne dalilin da ya sa ban yarda da al'adar ba ejan kuɗi a dunƙule ba, ya ce kawo kaza in fitar maka. Mai kaya bai ga takardar da kwastam ta yanka ba, bai ga rasit ɗin tasha ba, bai san a wane aji aka shigar da kayansa ba. Idan ejan ya rage darajar kayan don ya samu rara, ranar da jami'an sintiri suka tare tirelar a hanya suka nemi cikon haraji, mai kaya ne zai biya.

Masu kare tsohon lissafi suna cewa kasuwa ce ke yanka farashi, ba alƙalami ba, don haka sanin kuɗin isowa bai ƙara komai. Gaskiya ne maƙwabcinka ba zai ɗaga farashinsa don kai ka kashe da yawa ba. Amma amfanin lissafin yana kafin a loda kaya ne, lokacin da mutum ke da zaɓin abin da zai saya. Kuma a nan ne ake yin kuskure mafi tsada, wato raba ɗawainiya daidai wa daida a kan kowane kaya.

A ce a kwantenar nan akwai takalma na dala 30,000 da suka ci rubu'in wuri, da kulolin roba na dala 10,000 da suka cinye sauran kashi uku cikin huɗu, kuma dukansu a kashi 20 suke. Haraji darajar kaya yake bi, don haka kuloli su ɗauki rubu'insa, miliyan 5.4. Jirgi da tasha da tirela kuwa wuri suke sayarwa, ba ruwansu da tsadar abin da ke cikin kwali. Jimlarsu miliyan 15.4 ce, kuma kason kuloli a ciki ya haura miliyan 11.5. Idan aka haɗa da kuɗin sayensu miliyan 15, kulolin sun iso a kan kusan miliyan 32, wato kimanin naira 3,200 kowace dala. Takalman kuwa ba su kai 2,200 ba. Wanda ya sa wa duka 2,425 ya tsauwala wa takalmi har ya ƙi tafiya, ya karyar da kula har ana rububinta. Da ya ga kula ce ke ƙarewa da wuri, sai ya ƙara yawanta a zuwa na gaba, ya rage takalmi.

Kowane kamfani a Sin yana rubuta girman kwali a takardar lodi, da ma'aunin da ake kira CBM, kuma doguwar kwantena mai ƙafa 40 takan ɗauki kimanin 68. Wanda ya raba kuɗin jirgi da na tasha da na mota da wannan adadi ya san nawa kowane kwali zai biya na mazauninsa tun kafin ya ba da kafin alƙalami, kuma a nan ne zai gane cewa wasu kayan masu arha a Yiwu bai kamata su hau jirgi ba ko kaɗan.