Yara Arba'in Ba Za Su Amsa Wannan Tambaya Ba

A ƙaddara wata ɗalibar digiri na biyu ta je Sukuntuni da tambaya mai nauyi: shin tamowar da yaro ya yi yana ƙarami tana rage masa kaifin fahimta idan ya isa makaranta? Ta sami yara 20 da suka yi tamowa, da 20 da ba su yi ba, ta yi musu gwajin fahimta. Ra'ayina shi ne, tun kafin ta gwada yaro na farko lissafi ya riga ya kayar da binciken, kuma hakkin malamin da ke duba ta ne ya faɗa mata.

Ga dalili. Irin wannan gwaji akan tsara shi matsakaicin maki ya zama 100, gwargwadon yadda yara ke bambanta da juna kuma maki 15. Mu ɗauka tamowa tana rage maki 4.5. Idan aka raba 4.5 da 15 za a sami 0.3, wannan shi ne girman tasiri, wanda ake rubutawa da harafin d. Akwai ƙa'ida mai sauƙi ta ƙiyasta yawan yaran da kowane rukuni ke buƙata domin bincike ya sami damar kashi 80 cikin 100 ta gano bambancin da yake akwai:

```
n = 16 / d²
```

Da d na 0.3, amsar ita ce yara kusan 178 a kowane rukuni. Da yara 20, damar ganowa ba ta wuce kusan kashi 15 cikin 100 ba. Wato a cikin bincike 100 irin nata, kimanin 85 za su ce ba su ga komai ba, alhali illar tana nan. Mai tsara kasafin lafiya da ya karanta ɗaya daga cikinsu zai iya cewa tamowa ba ta taɓa ƙwaƙwalwa.

Matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa tana ga sauran 15 da suka yi sa'a. Da yara 20 a kowane ɓangare, bambanci ba ya tsallake ma'aunin ƙididdiga da aka saba sai ya kai kusan maki 9.6. Ke nan duk wanda ya "gano" wani abu zai ba da rahoton fiye da ninki biyu na gaskiya. Shi ne kuma mujalla za ta buga. Ɗalibi na gaba sai ya ɗauki wannan kumburarren adadi ya lissafa yawan yaransa, ya sake faɗawa ramin.

Wannan ba ciwon jami'o'inmu kaɗai ba ne. A 2013 Katherine Button da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa matsakaicin ƙarfin ganowa a binciken ƙwaƙwalwa kusan kashi 21 ne cikin 100. A 2022 Scott Marek da tawagarsa suka duba hotunan ƙwaƙwalwar mutane kusan 50,000 a mujallar Nature. Sun nuna cewa alaƙar siffar ƙwaƙwalwa da ɗabi'a ko basira siririya ce ƙwarai, har samfuri biyu masu mutum 25 kowanne za su iya ba da amsoshi masu karo da juna. Tabbatar da irin wannan alaƙa sai da dubbai.

Wani zai ce hoton ƙwaƙwalwa tsada gare shi, ɗalibi kuma daga aljihunsa yake biya. Gaskiya ne. Amma ƙaramin bincike yana da wurinsa, wato inda tasirin yake da girma. A Blantyre ta Malawi, Karl Seydel da abokansa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, aka buga a 2015. Cikin yara 25 da suka rasu, 21 suna da mummunan kumburin ƙwaƙwalwa, kashi 84 ke nan, yayin da a cikin waɗanda suka rayu kashi 27 ne. Tazara irin wannan ba ta buƙatar dubbai. Tambayar ce take yanke yawan mutane, ba aljihu ba.

Saboda haka ina ganin kada kwamitin amincewa da bincike ya sa hannu sai ɗalibi ya faɗi girman tasirin da yake sa ran gani da inda ya samo shi. A kuma lura da adadin 384 da ke yawo a kundaye: ƙa'idar da ke haifar da shi ta ƙiyasta yaɗuwar cuta ce a cikin al'umma, ba ta kwatanta rukuni biyu ba.

Ita kuwa ɗalibarmu, mafitarta haɗin gwiwa ce. Ɗalibai tara a Katsina, Dutsin-Ma, Kano da Zariya, kowanne da yara 40 da gwaji iri ɗaya, sun tara 180 a kowane rukuni. Idan hakan bai samu ba, ta rubuta iyakar ƙasa da ta sama da bambancin zai iya kaiwa, ta faɗi a fili cewa yara 40 ba su isa yanke hukunci ba. Iyayen Sukuntuni da suka bar gona suka kawo 'ya'yansu sun cancanci a yi wannan lissafi kafin a kira su.