Kafin Mu Rufe Bashi, Mu Ga Takardar Lissafi

Duk sa'ad da ariyas ko kwasar adashi ta zo hannu, zuciya kan ce a rufe bashi a huta. Mu dai muna ganin a fara neman takardar lissafi daga mai ba da rancen, domin abin dubawa shi ne ruwan da ya rage.

A ce saura naira 300,000, ana cire 25,000 kowane wata har wata 12, da ruwan kashi 3 cikin ɗari a wata kan abin da ya saura. Ruwan watan farko 9,000 ne, na ƙarshe 750, jimilla 58,500. Wannan ne abin da biya yau zai tsirar mana, in an ɗebe tarar biyan wuri idan yarjejeniya ta tanade ta. Kiwon ragunan Layya ko ajiyar masara ba za su fi ba, sai ribarsu ta haura wannan adadi bayan dusa, magani da asara. Ruwan tabbas ne, riba kuwa fata ce.

Amma idan an zare ruwan tun ranar ba da rancen, ko an ƙayyade shi ba ragi, biyan wuri ba ya tsirar da ko kwabo. Gara kuɗin ya sayi hatsin shekara da kaka.

Kada kuma mu juye aljihu kaf. Wanda ya rufe bashi bai bar na asibiti ba, gobe zai ciwo wani mai ruwa mafi tsada.